Yadda ake tatso taswirar tunani daga tarin silaid

Ranar 16 ga Janairun 2003 kumbon Columbia ya tashi daga jihar Florida ta Amurka ɗauke da 'yan sama jannati bakwai. Kimanin daƙiƙa 82 da tashinsa, wani gutsure ya ɓalle daga soson da ake lulluɓe babban tankin mai da shi, ya bugi fiffiken kumbon na hagu. Sai washegari, da aka tsaya duba hotunan tashin, aka ga abin da ya faru. Kumbo yana sama, mutane suna cikinsa, tambaya ɗaya ce kuma a gaban hukumar NASA: dukan nan ya yi ɓarnar da za ta hana shi dawowa lafiya? Injiniyoyin kamfanin Boeing suka shirya rahotanni uku a manhajar PowerPoint, silaid 28 gaba ɗaya. Manya suka saurara, suka tashi da fahimtar cewa babu abin tsoro. Ranar 1 ga Fabrairu, saura mintoci kaɗan ya sauka, kumbon ya tarwatse a samaniyar Texas. Babu wanda ya tsira.

Kwamitin da ya binciki hatsarin ya saka ɗaya daga cikin silaid ɗin nan a rahotonsa na watan Agustan 2003, tare da nazarin da Edward Tufte, malami a Jami'ar Yale kuma masanin tsara bayanai, ya yi masa. Abin da kwamitin ya faɗa shi ne, abu ne mai sauƙi babban jami'i ya karanta shafin nan bai gane maganar rai da mutuwa ake yi ba. Gargaɗin yana rubuce a shafin, babu wanda ya ɓoye shi. Wurin da aka ajiye shi ne matsalar.

Na zaɓi wannan shafi ne don ban san wani misali da ya fi shi nuna abin da ake nema idan za a mayar da cunkusasshen jerin silaid zuwa taswirar tunani ba. Ɗalibin da malaminsa ya turo wa aji silaid sittin ana gobe jarrabawa, da ma'aikaciyar da ta dawo daga taron bita da kundin da za ta yi wa ofis bayaninsa, aiki ɗaya ne a gabansu. Kuma kuskure ɗaya ne yake jiran su duka: su ɗauka cewa yadda aka jera magana a silaid, haka nauyinta yake.

Abin da shafin ya ƙunsa

Kan shafin, da manyan baƙaƙe, yana kwantar da hankali. Ma'anarsa ita ce: an sake duba sakamakon gwaje-gwaje, an ga cewa lissafin da ake amfani da shi yana zuzuta zurfin hudar da abu kan yi wa tayil ɗin da ke kare jikin kumbo daga zafi. Wannan lissafi sunansa Crater. Ana ba shi girman abin da ya bugi tayil da gudunsa, shi kuma ya ƙiyasta zurfin ramin. Wani layi a ƙasansa ya ƙara jaddada cewa Crater yana wuce gona da iri.

Daga nan baƙaƙe suka fara ƙanƙancewa, layuka suna matsawa ciki. A can aka ce soso abu ne mai laushi, sai da ƙarfi mai yawa zai huda fatar tayil. A ƙarƙashinsa, da ƙananan baƙaƙe, aka ce amma gwaji ya nuna zai iya hudawa idan nauyinsa da gudunsa sun kai. Aka ce kuma da zarar ya huda, ɗan ƙarin ƙarfi kaɗan zai jawo babbar ɓarna. Sai a layuka biyu na ƙarshe, a gindin shafi, aka ce abin da ya faru da Columbia ya yi nesa da duk abin da aka taɓa gwadawa. Gutsuren da aka yi gwaji da shi bai wuce cikin mililita 49 ba. Wanda ake zaton ya bugi kumbon ya kai cikin lita 31, ya ma fi jarka mai lita 25 girma. Ninki 640 ke nan.

Tufte ya ƙirga matakai shida na babba da ƙarami a wannan shafi guda. Maganar da ta rushe kan shafin gaba ɗaya ita ce aka ba ƙaramin matsayi. Idan lissafinka bai taɓa ganin abu mai wannan girma ba, ba ka da hujjar cewa yana zuzutawa ko yana ragewa. Gaskiyar magana ita ce ba a sani ba.

Taswirar da manhaja take ba ka

Taswirar tunani zane ce da ake sa babban batu a tsakiyar takarda, manyan rassa su fita daga gare shi, ƙananan rassa su tsiro daga manya. Wani Bature ɗan Ingila, Tony Buzan, shi ya yayata ta a 1974 ta wani shirin talabijin na BBC mai suna Use Your Head. Ko da zane ko ba zane, abin da ke ƙarƙashinta jeri ne mai matakai: kowace magana tana da uwa guda ɗaya da take rataye a jikinta.

Da yake silaid ma jeri ne mai matakai, hanyar gajeren zango a buɗe take. A PowerPoint, idan ka shiga View ka danna Outline View, za ka ga rubutun duk silaid ɗin a jere a gefe guda. Za ka iya adana shi ta Save As ka zaɓi Outline/RTF, ko ka kwafe shi kai tsaye. Manhajojin zana taswira irin su Freeplane da XMind suna karɓar rubutun da aka matsa layukansa ciki su mayar da shi rassa nan take. Wannan mataki yana da amfani, yana rage wahalar buga rubutu. Sai dai a kiyaye abu guda: Outline View yana nuna rubutun da ke cikin gurbin kai da gurbin jiki na silaid ne kawai. Abin da aka rubuta a akwatin rubutu na daban, ko a jadawali, ko a jikin hoto, ko a wurin Notes na ƙasa, ba zai fito ba, kuma sau da yawa a nan alƙaluma suke. Dole ka bi silaid ɗaya bayan ɗaya da ido ka tsinto su.

Amma a ce an yi wa shafin Columbia haka. Kan shafin zai zauna a tsakiya, da launi mai kyau, yana cewa lissafi yana zuzutawa. Ninki 640 zai koma ɗan tsiro a can bakin takarda. An sami zane mai ban sha'awa, kuskuren kuma yana nan inda yake, har ma ya ƙara samun kwarjini. Abin da manhaja ta fitar kayan aiki ne da ba a sarrafa ba. Aikin gaske yana farawa ne daga nan.

Tambaya a tsakiya

Abu na farko shi ne ka ƙi rubuta sunan kundin a tsakiyar takarda. Suna irin “Nazarin dukan soso” ba ya tace komai, duk abin da ka jingina masa zai zauna. Rubuta tambayar da aka shirya kundin domin ta, ko shawarar da ake jiran a yanke. A nan ita ce: “Columbia zai iya dawowa lafiya?” Idan darasin aji ne, tambayar tana iya zama “Me ke kawo zaizayar ƙasa, kuma yaya ake tsayar da ita?” Idan ka kasa samo tambayar, ka sake karanta kundin tun daga farko har ƙarshe ba tare da ka riƙe alƙalami ba, ka fi mayar da hankali ga silaid biyu ko uku na ƙarshe, inda masu shiryawa suka saba faɗin abin da suke so a yi.

Abu na biyu, ka tuɓe wa kowace magana rigar da silaid ya sa mata. Rubuta kowane da'awa a layi guda ko a ƙaramar takarda guda, duka da girman baƙi ɗaya, ka manta da wanne ne kai wanne ne ƙaramin ɗigo. A gefen kowanne ka sa lambar silaid ɗin da ya fito, don ka iya komawa ka duba. Shafin Columbia, idan an yi masa haka, yana ba da maganganu kusan bakwai: Crater yana zuzutawa a gwajin baya, soso yana da laushi, huda tana buƙatar ƙarfi mai yawa, gwaji ya nuna hudar tana yiwuwa, bayan huda ɓarna tana ƙaruwa da sauri, yanayin nan yana wajen abin da aka gwada, mililita 49 da lita 31. Tun a nan mutum zai ji cewa na ƙarshen biyu ba sa'annin sauran ba ne.

Abu na uku shi ne mai wuyar, kuma shi ne zuciyar aikin. Ka ɗauki kowace magana ka tambaye ta: da a ce wannan ƙarya ce, amsar tambayar tsakiya za ta canza? Da a ce soso ba shi da laushi sosai, amsar za ta ɗan motsa. Da a ce gutsuren da ya bugi kumbon daidai yake da na gwaji, amsar za ta juye gaba ɗaya, domin a lokacin lissafin zai zama abin dogaro. Maganar da ke juya amsa ita ce babban reshe, ko da a gindin shafi aka same ta. Wadda aikinta kawai ta tallafa wa wata, ƙaramin reshe ce, ko da da ita aka buɗe shafin.

Ga yadda jerin yake fitowa, a rubuce da tsarin Markdown, wanda XMind ke iya karɓa ya zana:

```
# Columbia zai iya dawowa lafiya?
## Ba mu da gwajin da ya kai wannan girma
- na gwaji: mililita 49
- na Columbia: lita 31, ninki 640
## Soso yana iya huda tayil
- idan nauyi da gudu sun kai
- bayan huda, ɓarna tana ƙaruwa da sauri
## Abin da ke kwantar da hankali
- Crater ya zuzuta zurfi a gwajin baya
- amma da ƙananan gutsattsari aka gwada
## Abin da ba a sani ba
- ina ainihin inda ya buga?
- wa ya ga fiffiken da ido?
```

Babu wata sabuwar hujja a rassa uku na farko. Duk daga shafin aka ɗebo su. Abin da ya canza shi ne wa ke rataye a jikin wa. Kan shafin ya sauko ya zama ƙaramin reshe, kuma an ɗaura masa sharaɗinsa a kusa da shi, yadda ba za a karanta ɗaya a bar ɗaya ba.

Reshe na huɗu ba daga shafin ya fito ba, kuma ina ganin kowace taswira tana buƙatarsa. Idan ka jera abin da aka faɗa a kewayen tambaya, gurbin abin da ba a faɗa ba yakan bayyana da kansa. Shafin nan maganar tayil kaɗai yake yi. To sauran jikin fiffiken fa? Bincike ya nuna daga baya cewa ba tayil ne ya kashe Columbia ba. Soson ya fasa bakin fiffiken na gaba ne, a allo na 8 cikin allunan kabon da ke wurin, kuma ta nan iska mai tsananin zafi ta shiga lokacin saukowa. A watan Yulin 2003 aka harba irin wannan soso ga irin wannan allo a cibiyar Southwest Research Institute da ke Texas, ya buɗe rami mai faɗin kusan santimita 40. Tambaya ta biyu ma ba ta banza ba ce: injiniyoyi sun nemi a ɗauko hoton fiffiken da na'urorin soja tun kumbon yana sama, shugabanni suka soke buƙatar.

Ba na cewa takarda guda da an zana da ta ceci mutum bakwai. Kwamitin binciken ya ɗora babban laifi a kan al'adar hukumar, wadda ta saba ganin soso yana ɓallewa har ta daina ɗaukarsa a matsayin hatsari, kuma duk wanda ya san ƙarshen labari yana ganin komai sarai. Abin da nake cewa ya fi wannan ƙanƙanta: bayanan da ke shafin, idan an sake musu uwaye bisa nauyinsu, ba sa cewa “babu damuwa”. Suna cewa a je a duba.

Kalma ɗaya a reshe?

Buzan ya shimfiɗa ƙa'idoji: a kwantar da takarda a faɗinta, a sa hoto a tsakiya, a yi amfani da launuka, rassa su yi kauri a kusa da tsakiya su sirance a waje, kuma kowane reshe ya ɗauki kalma ɗaya tak. Yawancinsu suna taimakawa, musamman kwantar da takardar, don rassa su sami wurin miƙewa. Ta ƙarshen ce ban yarda da ita ba a wannan aiki. Kalma ɗaya ta isa idan tunaninka kake zubarwa a takarda, domin sauran maganar tana kanka. Idan kuwa maganar wani kake taƙaitawa, kalma ɗaya tana zubar da abin da ake nema. Reshen da aka rubuta wa “Gwaji” bai faɗi komai ba. “Ba mu da gwajin da ya kai wannan girma” ya faɗi abu, ana iya yarda da shi ko a musa. Babban reshe ya zama gajeriyar jimla mai aikatau, kalma biyar zuwa takwas. Ƙananan rassa su riƙe alƙaluma tare da ma'auninsu. Duk inda ka ga silaid ya ce “sosai” ko “mai yawa”, ka nemi adadin. Idan babu shi a ko'ina cikin kundin, ka sa alamar tambaya a wurin, kada ka kwafe kalmar kamar ta isa.

Idan silaid ɗin arba'in ne ko sittin

Hanyar ba ta canzawa, yawan tarkacen ne ke ƙaruwa. Da farko ka ware waɗanda ba su ɗauke da da'awa: shafin suna, jerin abubuwan da za a tattauna, shafukan raba sassa, na godiya. Sauran ka tatso maganganunsu kamar yadda aka yi a sama. Za ka tarar magana ɗaya ta fito a silaid na 4, ta sake fitowa a na 19 da wasu kalmomi, ta dawo a taƙaitawar ƙarshe. Haɗa su wuri guda ka rubuta lambobin duka ukun. Za ka kuma tarar da maganganu biyu da ke nesa da juna a kundin amma ɗaya tana warware ɗaya. Haka ya faru a rahotannin Columbia: a wani wurin daban, Crater ya ƙiyasta ramin da ya zarce kaurin tayil ɗin kansa, aka yi watsi da wannan da hujjar cewa dama yana zuzutawa. Mai bin silaid ɗaya bayan ɗaya ba lalle ya haɗa biyun ba. A taswira dole su zauna a reshe guda, suna kallon juna.

Manyan rassa kada su gaza uku, kada su wuce shida ko bakwai, kuma zurfi ya tsaya a mataki uku bayan tsakiya. Dalilin ba na ado ba ne. Mutum ba ya iya riƙe abubuwa da yawa a kansa lokaci guda yana auna su da juna, kuma amfanin taswirar shi ne a ga gaba ɗayan magana a kallo ɗaya. Abin da ya nemi mataki na huɗu, a bar shi a silaid, lambar da ka rubuta za ta kai mai nema wurinsa.

Akwai alamomin da ke nuna aikin bai nuna ba. Idan manyan rassanka su ne “Gabatarwa”, “Bayani”, “Matsaloli”, “Kammalawa”, to jerin kundin ka kwafa, ba hujjarsa ba. Idan reshe ɗaya ya kwashe rabin takarda sauran suna tsaye da tsiro ɗai-ɗai, ko dai wannan reshen rassa biyu ne da aka cusa wuri guda, ko kuma shi ne ainihin batun, ya kamata ya koma tsakiya. Idan reshe yana da ɗa guda kacal, yawanci magana ɗaya ce aka faɗa sau biyu. Gwajin da ya fi kama kuskure kuwa da baki ake yinsa: ka karanta babban reshe, ka ce “saboda”, ka karanta ƙaraminsa. “Ba mu da gwajin da ya kai wannan girma, saboda na gwaji mililita 49 ne, na Columbia lita 31.” Ya zauna daram. Yanzu gwada yadda shafin asali ya jera su: “Lissafi yana zuzuta ɓarna, saboda abin da ya faru ya ninka na gwaji sau 640.” Kunne ma ya ƙi karɓa. Duk inda “saboda” ko “misali” suka ƙi shiga tsakanin uwa da ɗa, an rataye maganar a inda ba nata ba.

Taswirar tunani tana da abin da ba ta iya ɗauka, kuma gara a san shi tun da wuri. Kowane reshe uwa ɗaya gare shi, alhali wata maganar tana da alaƙa da rassa biyu. Kibiya ɗaya ko biyu da aka ja daga wannan reshe zuwa wancan sun wadatar; idan kibau suka fara yawa, batun ya fi dacewa da zanen da Joseph Novak ya ƙirƙiro a Jami'ar Cornell a 1972, wanda ake rubuta irin alaƙar a kan kowane layi. Kundin da ke bayanin matakan aiki bi da bi, kamar yadda ake cike takardar neman wani abu, jerin lambobi ya fi masa. Wanda ke kwatanta abubuwa huɗu ta fuska biyar, jadawali yake so, kuma idan aka tilasta shi cikin rassa sai a maimaita kanun nan biyar har sau huɗu.

Idan ka gama, kuma mai kundin yana kusa, ka nuna masa takardar ka tambaye shi ko abin da yake nufi ke nan. Wani lokaci zai ce ka sauke abin da shi ya ɗaga, ya kawo dalilin da bai rubuta a silaid ba, sai ka gyara reshen ka ƙara dalilin a ƙarƙashinsa. Idan ba ya kusa, ka bambanta abin da ka ƙara da kanka da wani launi, musamman tambayoyin reshe na huɗu, don wanda zai karanta bayanka ya san wace magana ce ta kundin, wace ce taka.